Akwati Biyar da Kibiyoyi: Yadda Turaren Shinkafa Ya Shiga Silaid Ɗaya

Wata malamar gona da na sani an ba ta minti goma ta yi wa matan wata ƙungiya bayanin yadda ake turara shinkafa, abin da wasu ke kira gumi. Ta nuna mini silaid ɗin da ta shirya. Akwati goma sha huɗu ne a ciki, kibiyoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo, rubutun kuwa sai ka matso da fuskarka jikin kwamfuta. Duk abin da ta rubuta daidai ne. Matsalar ita ce mai zaune a bayan ɗaki ba za ta san ta inda za ta fara ba.

Muka kashe kwamfutar muka ɗauki biro. Na ce ta faɗa mini aikin da baki, kamar tana koya wa ƙanwarta. Ta ce: a wanke shanshera, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, a turara, a shanya, a kai inji. Biyar ke nan. Ina sauran tara? "Ɗebo ruwa", "hura wuta", "kwashe wadda ta taso saman ruwa", duk ayyuka ne da ke cikin cikin manyan matakan. Ba a zubar da su ba, bakinta ne zai faɗe su yayin da take nuna akwatin da suka shafa. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: idan shinkafar ta sauya kama bayan aikin, mataki ne, ya cancanci akwati. Idan ba ta sauya ba, bayani ne.

Akwai kuma lissafin fili. Faɗin silaid ɗin PowerPoint na yau da kullum ya kusa santimita 34. In ka bar gefe da gefe, saura kamar 30. Akwati biyar masu santimita huɗu da rabi za su zauna a layi ɗaya, da sarari na kibiya a tsakaninsu, kuma kalma biyu za su shiga kowanne da rubutu mai girman 24. Ka ce sai goma, kowane akwati ya koma kamar santimita biyu, sai ka shiga ƙanƙance rubutu har majigi ya kasa taimakonka.

Cikin kowane akwati muka sa lamba da kalmar aiki: "1 Wanke", "2 Jiƙa", haka har "5 Kai inji". Lambar ba ado ba ce. Mai karatun boko idonsa daga hagu yake farawa, amma a cikin matan akwai waɗanda ajami suka fi sabawa da shi, su kuma daga dama suke tasowa. Lamba da kan kibiya ne ke raba wannan gardama.

Wuri ɗaya ne muka daɗe a kai, wato shanya. A nan ake asara: shinkafar da ba ta bushe ba, ko wadda aka bari rana ta gasa ta da sauri, inji kakkarya ta yake yi. Ma'aikatan gona kan ce a kai danshinta kusan kashi 14 cikin 100, matan kuwa da haƙori suke gwaji, su ciji ƙwaya su ji ko ta ce ƙas. Saboda haka tsakanin akwati na 4 da na 5 muka sa tambaya guda, a ɗan ƙasa da layin, cikin siffar nan mai kusurwa huɗu da ke tsaye kan tsininta, wadda a irin wannan zane aka keɓe wa tambaya: "Ta bushe?" Kibiyar "I" ta wuce inji, kibiyar "A'a" ta koma shanya. Ita kaɗai ce kibiyar da ke komawa baya a duk silaid ɗin, shi ya sa ido ke kama ta. Da tambayoyin sun kai uku, da na ce a raba aikin zuwa silaid biyu.

Wajen zanen, ta ɗauko akwatunan daga Insert sannan Shapes, ta zaɓe su duka ta danna Align Middle da Distribute Horizontally, suka daidaita. Kibiyoyin ta manna su a ɗigon da ke bayyana a gefen akwati, don in ta matsar da akwatin kibiyar ta bi shi. Taken ma muka sauya, daga "Tsarin Aiki", wanda bai ce komai ba, zuwa "Mataki biyar daga shanshera zuwa inji".

Kafin ta tafi, ta kira ɗanta, wanda bai taɓa hura wutar gumi ba, ta nuna masa allon na ɗan lokaci ta rufe. Ya jero biyar ɗin a tsare, har da komawar shanya. Sai dai ya tambaya ko a ruwan jiƙon ake turarawa. Ta koma akwati na 3 ta mayar da shi "Tsane, turara".