Teburin da ake yanke shawarar maganin daji

A asibitocin da ke kula da masu ciwon daji yadda ya kamata, akwai wani zama da ake yi, galibi sau ɗaya a mako, wanda majinyaci ba ya halarta amma a nan ake tsara watanni goma sha biyu masu zuwa na rayuwarsa. Likitan tiyata yana nan, da likitan binciken tsoka wanda ke duba nama ta madubin likita, da likitan hoto, da likitan daji mai ba da kemo ko gashi. Akan samu ma'aikaciyar jinya da mai rubuta abin da aka cimma. Ana haska hotuna a bango, a bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane suna kuma dole ya fita da tsari guda.

Birtaniya ta fara mayar da wannan zama ƙa'ida bayan rahoton Calman da Hine na 1995. Wani nazari da aka buga a 2012 kan mata fiye da 13,000 a yammacin Scotland ya gano cewa a yankin Glasgow, inda aka kafa irin wannan aikin haɗin gwiwa, mace-macen dajin nono sun yi ƙasa da kashi 18 cikin ɗari idan aka kwatanta da yankunan maƙwabta. Ba sabon magani aka kawo ba. Likitocin ne suka koma yanke shawara tare.

Don a ga yadda abin yake gudana, mu ɗauki misalin wata mata mai shekara 44 da ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Likitan tiyata ne ya fara ganinta, don haka shi ke buɗe magana. Ƙullutun yana da tauri, ya kai kusan santimita 4, bai manne wa fata ko ƙirji ba, kuma akwai kaluluwa a hammata. Ba ta da ciwon suga ko hawan jini, tana aikinta na gida ba tare da gajiya ba. Wannan bayani na ƙarshe ba cika baki ba ne, domin daga shi ake gane ko jikinta zai ɗauki magani mai ƙarfi.

Sai likitan hoto ya karɓa. Ya nuna mamogiram da sikanin: ƙarin santimita 4.2 ne, gefensa ba santsi, yana da 'yan tsika-tsika da ke kutsawa cikin naman da ke kewaye. Ya ba shi maki BI-RADS 5, wato yiwuwar daji ta kai kashi 95 cikin ɗari ko fiye. Kaluluwa biyu a hammata sun yi kauri sun sauya siffa. Huhu lafiya lau a hoton CT. Amma a hanta akwai wani ɗan tabo mai milimita 9 da ya ce ba zai iya rantsuwa a kansa ba.

Likitar binciken tsoka ita ce ke da kalmar da ba a tsallake ta. Hoto zato yake bayarwa, nama ne ke tabbatarwa. An ciro 'yan siraran tsoka daga ƙarin da allura mai kauri, ta duba, ta ce daji ne da ya faro daga bututun nono ya ɓalle zuwa naman gefe, mataki na 3 wajen saurin girma. Kafin a ci gaba, shugaban zaman yakan tambaya ko abin da hannu ya ji da abin da hoto ya nuna da abin da madubi ya gani sun dace. A nan sun dace. Da a ce hoto ya ce BI-RADS 5 amma tsoka ta ce ba komai, ba a yi wa matar albishir. Ana ɗauka allura ce ta kuskure wurin, a sake ɗiba. Wannan gwamawar kaɗai ta isa dalilin zaman, domin likitan da ke karanta takardun sakamako shi kaɗai a ofis yana iya ganin "ba daji ba ne" ya sallami mace da ciwonta.

Akwai kuma gwaji uku da ake yi wa tsokar, waɗanda a takarda ake rubuta su ER, PR da HER2. Biyun farko suna nuna ko sinadaran mace ne ke ciyar da dajin, wanda in haka ne ƙwayoyi irin su tamoksifen za su yi aiki. Na ukun yana nuna ko ƙwayoyin dajin suna ɗauke da wani furotin da ya yi yawa, wanda akwai allura ta musamman da ke kai masa hari, tirastuzumab. Ga matarmu, ER da PR ba su fito ba, HER2 kuma ya ba da 2+, wato tsaka-tsaki, ba i ba a'a. Likitan daji ya tambaya nan take: "Likita, yaya aka adana naman?" Tambayar tana da tushe. Ana so tsoka ta shiga ruwan fomalin cikin awa ɗaya da ciro ta, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan ta yini a leda a hannun ɗan'uwan majinyaciya yana neman mota, gwajin na iya cewa babu ER alhali akwai, a hana mace magani mai sauƙi da araha. Ta tabbatar cewa an kiyaye ƙa'ida.

A nan ne saɓani ya taso. Likitan tiyata ya ce a cire nonon mako mai zuwa. Hujjarsa ba ta raina ba ce, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san ta: mata da yawa idan aka fara musu kemo, ƙullutu ya narke, sai su ɗauka sun warke su daina zuwa, ko kuɗi ya ƙare a zagaye na uku, su dawo bayan shekara da gyambo. Gara, in ji shi, a raba ta da ƙarin tun tana hannu.

Likitan daji ya ce a fara da kemo. Dajin da ya kai wannan girma, ya taɓa kaluluwa, kuma ba ya jin maganin sinadaran mace, dole ne a yi masa kemo ko ta halin ƙaƙa, tambayar ita ce kafin tiyata ko bayanta. Bincike ya nuna tsawon rai kusan ɗaya ne ta kowace hanya, amma farawa da kemo yana da riba biyu. Ƙarin yana raguwa har a iya cire shi kaɗai a bar nono. Sannan ana gani da ido ko maganin yana ci, kuma abin da ya rage a cikin naman bayan tiyata shi ke nuna ko a ƙara wani magani daga baya. Idan aka riga aka cire ƙarin, wannan ma'auni ya tafi.

Abin da ya fi burge ni a zama mai kyau shi ne ba a raba irin wannan gardama da ƙuri'a, ba a kuma raba ta da furfura. Ana komawa a tambayi wane abu ne ba a sani ba wanda zai iya sauya shawarar. Likitan hoto ya tuna musu tabon hanta. Idan ba komai ba ne, matar tana T2 N1 M0, mataki na IIB, kuma manufa ita ce warkewa. Idan dajin ne ya kai can, ta koma mataki na IV, manufa ta koma danne ciwon da tsawaita rai cikin sauƙi, cire nono da gaggawa kuma bai da wata fa'ida a gare ta. Da jin haka likitan tiyata ya janye batun mako mai zuwa. Aka amince a yi hoton MRI na hanta, a tsotso ruwan kaluluwa da allura don tabbatarwa, a tura tsokar gwajin FISH da ke ƙirga kwafin HER2 kai tsaye, a duba ƙarfin bugun zuciya da sikanin, a kuma gwada jini don ciwon hanta na B, wanda ya yi yawa a yankinmu kuma kemo na iya tayar da shi daga barci.

Da sunanta ya dawo teburi, tabon ya tabbata dunƙulen jijiyoyin jini ne marar illa, kaluluwa tana ɗauke da daji, FISH kuma ya ce HER2 ya fito. Sai tsari ya zauna. Za a sa ɗan ƙarfe ƙarami a tsakiyar ƙarin tun yanzu, domin idan ya narke gaba ɗaya likitan tiyata ya san inda zai yanka. Kemo zagaye shida, kowane bayan mako uku, tare da tirastuzumab. Damuwar likitan tiyata ba a watsar da ita ba, an mayar da ita sharaɗi: zai riƙa auna ƙarin da kansa bayan zagaye na biyu da na huɗu, idan yana girma a tsaya a shiga tiyata, kuma ma'aikaciyar jinya za ta riƙa kiran matar duk lokacin da ta makara. Tiyata za ta biyo bayan kemo da 'yan makonni, sannan gashi, sannan a cika shekara guda ta tirastuzumab ana duba zuciya duk wata uku, domin allurar na iya raunana ta.

Batun gashi yana bukatar gaskiya a ƙasa irin Najeriya, inda na'urorin ba su da yawa kuma sukan tsaya. Cire ƙari a bar nono ba shi da aminci sai an bi shi da gashi. Don haka zama mai hankali yana tambaya tun yau: a ina za a yi mata, Zariya ko Abuja ko wani wuri, yaushe layi zai zo kanta, wa zai zauna da ita mako uku zuwa biyar? Haka kuɗin tirastuzumab, wanda ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Tsarin da aka rubuta bisa littafi alhali kowa a ɗakin ya san ba za a iya bin sa ba, a ganina cutar da majinyaciya ne. Ya fi kyau a rubuta zaɓi na farko, a rubuta na biyu idan na farkon ya gagara, a gaya mata bambancinsu ba ɓoye-ɓoye.

Zaman yana iya lalacewa, kuma alamunsa a fili suke. Babban farfesa ya yi magana kowa ya ce "haka ne, yallaɓai". Ko a tattauna mutum alhali ba wanda ya taɓa ganinsa a ɗakin, a rubuta kemo mai ƙarfi ga dattijuwar da ba ta iya tashi daga gado. Ko likitan hoto ya karanta rahoton wani asibiti ba tare da ya ga hoton da idonsa ba. Shi ya sa mai jinya yana da haƙƙin tambaya ko an tattauna batunsa a irin wannan zama, da wane mataki aka sa masa, da abin da ER, PR da HER2 suka nuna.

Abin da aka cimma shawara ce, ba umarni ba. Likita ɗaya zai zauna da matar da wanda ta zaɓa daga danginta, ya faɗa mata tsarin, da zubewar gashin kai da zazzaɓin da in ya zo ana kemo dole ta taho asibiti a daren. Tana iya cewa ita ta fi son a cire nonon gaba ɗaya don hankalinta ya kwanta, kuma wannan zaɓi ne da likitanci ya yarda da shi. Bayan tiyata sunanta zai sake hawa teburi karo na uku, likitar tsoka ta faɗi ko gefen abin da aka yanko ya fita fes, kaluluwa nawa ne ke da daji cikin waɗanda aka cire, da ko kemo ya bar wani abu da rai. Idan ya bari, likitan daji zai duba ko a sauya allurar watannin da suka rage.