Kowa da jakarsa cikin odinater

Masu saurare, ga saƙon malamin odinater zuwa ga ƴan lakkol.

Yara, odinater guda kuke aiki da ita, ku da yawa. Dosiye kamar jaka ce ta ajiyar takardu. Cikin Documents akwai dosiyen ajinku, misali 6eA. Kowa ya buɗe tasa a ciki, da sunansa.

Ga dalili: in yara biyu suka ajiye aiki wuri guda da suna guda, na biyu yana iya shafe na farko. In odinater ta tambaya "Voulez-vous le remplacer ?", ku danna Non, ku sake suna, misali Hadiza_lissafi_2.

Kafin ku tashi, ku duba jakarku, ku tabbata aikin yana ciki.