Kafin Ƙungiya Ta Ajiye Littafin Ma'aji

Ƙungiyoyin gama kai da yawa suna sayen kwamfuta don lissafin kuɗi, bayan 'yan watanni sai ka tarar an rufe ta da ƙyalle, ma'aji ya koma kan tsohon littafinsa. Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Jamus da ya rasu a Amurka a 1947, ya bar hanyar hango irin wannan tun kafin a kashe ko kwabo. A ganinsa, duk halin da jama'a suka daɗe a kai, ƙarfi biyu ne suka riƙe shi daram: masu turawa zuwa sauyi da masu ja da baya.

A ce ƙungiyar manoman shinkafa ce. Kwamiti zai ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta kowane ɓangare, ya ba kowane dalili maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon nauyinsa. Masu turawa: rigimar lissafi duk lokacin rabon riba, 5, banki na neman tsararren rahoto kafin ya ba da rance, 4, matasan da suka iya na'ura, 2. Jimilla 11. Masu ja da baya kuwa: fargabar ma'aji cewa za a kwaɓe shi, 4, mambobin da ba su yarda da abin da ba su dangwala yatsa a kai ba, 4, rashin wuta, 3, kuɗin saye, 2. Jimilla 13.

Da ganin haka shugaba zai so ya ƙara matsa lamba. Nan ne Lewin ya ce a dakata, domin ƙarin turawa yana ƙara taurin kai ne, gara a sassauta abin da ke riƙewa. A fara koya wa ma'ajin kansa, ya zama shi ke shigar da bayanai. Kowane mamba ya ci gaba da riƙe katinsa na zubi, ana ba shi rasit na takarda. A tafi da littafi da kwamfuta tare na wata uku, ana gwada jimillarsu duk ƙarshen wata, bayan an tantance bashi da ajiyar kowa a gabansa. Sola ƙarama ta isa matsalar wuta. Sannan a sake zama a ba da maki.

Makin nan ra'ayi ne, ba awon sikeli ba, kuma dalili guda yana iya kayar da shirin ko da jimilla ta yi kyau. Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Idan ma'aji dattijo ne kuma yana zaune a wurin, ba mai buɗe baki ya ambace shi. Alamar haka ita ce allon ya cika da wuta da tsada, babu dalili ko ɗaya da ya shafi mutum. In an ga haka, a raba takardu kowa ya rubuta ba suna, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa wanda ya amince da shi a keɓe.