Idan ƙwayar magani ta fi ƙarfin maƙogwaron yaro

Magunguna da yawa ba su da na ruwa a kemis, musamman na ciwon zuciya. Sai likita ya rubuta wa jariri ɗan mitsitsin awo, alhali abin da ke kan kanta ƙwaya ce da aka yi don manya. A nan ake narka ƙwayar a ruwa, kuma aikin yana da ƙa'ida.

Mu ɗauki kaftofiril, wanda ake ba yara masu raunin zuciya. A ce yaro yana da nauyin kilo 6, likita ya rubuta miligiram 3 sau uku a rana, ƙwayar kuwa miligiram 25 ce. Babu wuƙar da za ta yanko miligiram 3 daidai daga ƙwaya ɗaya. Amma kaftofiril yana narkewa sosai a ruwa, saboda haka sai a wanke hannu, a sa ƙwayar tsakanin cokula biyu masu tsabta a murƙushe ta har ta zama gari, a juye duka a ƙaramin kofi. A auno mililita 25 na ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba, a dama sosai. Yanzu kowace mililita tana ɗauke da miligiram 1, wato za a zuƙi mililita 3 da sirinji marar allura. A ɗiga a gefen kumatun yaro daga ciki, kaɗan-kaɗan, yana zaune ko an tallafe kansa. Farin garin da ke yawo a kofin ba abin damuwa ba ne, kayan da aka ɗaure ƙwayar da su ne. Cokalin shayi kuwa ba ma'auni ba ne, don kowane gida da girman nasa.

Saura mililita 22 a kofi, kuma nan ne uwa take jin ciwon zubarwa, ga tsadar magani. Duk da haka zubarwa za a yi. Ƙwaya tana yin shekaru a fakitinta ne saboda a bushe take, iska da haske ba sa kai mata. Da ta taɓa ruwa, kaftofiril yakan fara haɗuwa da iska yana rikiɗa zuwa wani sinadari daban, zafi da ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ruwan famfo suna ƙara masa sauri. Abin takaicin shi ne ido ba ya ganin wannan. Ruwan zai zauna yadda yake, ƙarfin maganin yana raguwa, yaro yana sha amma haki da kumburi ba su lafa ba. Ga kuma ƙwayoyin cuta, waɗanda ruwa marar sinadarin kariya yake yi musu daɗin zama.

Wannan lissafin bai hau kan kowane magani ba. Furosamayid, maganin sa fitsari da ake yawan haɗawa da kaftofiril, ba ya narkewa da kyau. Garinsa kwanciya yake yi, sai wanda ya zuƙa daga sama ya samu kusan ruwa zalla, na ƙasa kuma ya kwaso fiye da kima. Irin wannan aikin mai harhaɗa magunguna ne a asibiti. Shi zai niƙa ƙwayoyin a ɗan turminsa, ya kwaɓa su da ruwa mai kauri da ke riƙe gari, ya zuba a kwalba mai duhu don haske yana lalata maganin, ya rubuta ranar daina amfani. Ƙa'idar da littafin harhaɗa magunguna na Amurka ya shimfiɗa ita ce, haɗin ruwa marar sinadarin kariya kada ya wuce kwana 14, shi ma a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Firjin da wuta take zuwa masa sa'o'i kaɗan a rana bai cika wannan sharaɗi ba, balle gindin randa. Gara a faɗa wa mai haɗin gaskiya, ya rage yawan abin da zai bayar. Kwalbar da ta sauya launi ko wari, ko garin ya dunƙule ya ƙi tashi bayan an girgiza, ta tashi daga aiki ko ranar ba ta cika ba.

Akwai ƙwayoyin da ba a niƙawa sam, masu haruffa irin SR, XR, MR ko EC a jikin kwali. Uku na farko an yi su ne su riƙa sakin magani a hankali, niƙa su kan zazzage na sa'o'i da yawa a lokaci guda. Mai EC kuma rigarsa ce ke kare shi daga tsamin ciki, ko ta kare cikin daga gare shi. Kada kuma a gusar da ɗaci da zuma ga jaririn da bai shekara ba.

Kafin a kai ga niƙa, a tambaya ko akwai mai narkewa da kanta. Amoksisilin, zink na gudawa da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro duk suna da irinta, ana jefa ta a ɗan ruwa ta watse, a ba yaro nan take. In babu, kada ki bar gaban mai magani sai ya nuna miki yawan ruwan da za ki zuba da layin da za ki tsaya a jikin sirinji.