Ranar da admin ya kulle zauren unguwa

Bayan sallar isha'i saƙon ya shigo zauren WhatsApp na unguwarmu. Admin ya yi sallama, ya roƙi afuwar iyaye da 'yan uwa, sannan ya zo kan magana: daga gobe babu talla sai ranar Asabar, babu siyasa, babu hoton wanda ake zargi da sata, kuma duk mai saƙo ya fara tura masa, in ya duba ya ga ya dace shi zai saka. Da gari ya waye, wurin rubutu ya ɓace daga ƙasan wayar kowa, sai layi ɗaya: "Only admins can send messages".

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Kwana biyu kafin nan wani ya saka hoton wani matashi, ya ce shi ne ɓarawon babur. Ashe ɗan aike ne da ya ɓata hanya, kuma kafin a goge hoton ya riga ya zaga zauruka.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, WhatsApp ba shi da wurin da saƙo zai tsaya jiran amincewa. Facebook ne ke da wannan: a zaurensa admin na iya kunna tantancewa, rubutunka ya tsaya a layi, in an amince ya fito da sunanka, in an ƙi ya faɗi. A WhatsApp kuwa abin da admin ke da shi ƙofa ce kawai, ko a buɗe ko a kulle. Tun 2018 aka ba shi damar hana kowa rubutu sai shi da sauran masu riƙe da zaure, a 2022 kuma aka ƙara masa ikon goge saƙon wani. Saboda haka tantancewar da ake sanarwa a zaurukanmu aikin hannu ce: ka tura wa admin ta bayan fage, shi kuma ya ɗauko ya zuba.

Wannan na da illa biyu. Ta farko, saƙon da aka turo ta haka yana fitowa ne da sunan admin da alamar "Forwarded", sunan mai shi ya ɓace. In labarin ƙarya ne, wuyan admin ya rataya. In cigiyar akuya ce, wanda ya gan ta bai san wa zai kira ba, sai dai in mai cigiyar ya rubuta sunansa da lambarsa a cikin saƙon.

Ta biyu ita ce jinkiri, kuma ita ta fi ciwo. A mako na biyu aka yi rasuwa a layinmu da hantsi, aka sa jana'iza ƙarfe biyu, bayan azahar. Ɗan mamacin ya tura sanarwa wajen ƙarfe sha ɗaya. Admin ɗinmu ma'aikaci ne, yana cikin taro, waya a aljihu. Sai ƙarfe uku da kwata saƙon ya fito, lokacin an dawo daga maƙabarta. Wasu dattawa har yau ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mu da muke binne gawa a ranar da aka rasu, sa'a huɗu ta isa ta raba mutum da jana'izar maƙwabcinsa. Haka gobara, haka ɓatan yaro.

A ganina dokokin ba su da aibu, sanarwar ce ta zo a gurguje. Ba ta faɗi wa zai duba saƙo in admin ba ya kusa ba, ba ta faɗi tsawon jira ba, ba ta kuma ware abin da ba ya jira ba. Na ce ma da an faɗi yadda wanda aka ƙi saƙonsa zai ji dalili, don shiru kan sa mutum ya ɗauka ana yi da shi ne, musamman mai sayar da atamfa da ta ga tallar maƙwabciyarta ta fito, tata ba ta fito ba.

Bayan jana'izar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Aka ƙara mutum uku a kan admin: ladanin masallaci, wata malamar Islamiyya saboda saƙonnin mata, da mai shagon bakin layi wanda ba ya rabuwa da waya. Aka ce rasuwa da gobara da ɓatan yaro a kira ɗayansu kai tsaye, kada a tsaya rubutu, sauran saƙonni kuma kada su kwana. Masu talla suka nemi a buɗe musu zauren ranar Asabar daga safe zuwa la'asar, aka amince. Asabar ɗin farko, tallar turaren wuta ce ta fara shigowa, tun kafin a fito daga sallar asuba.