Lokacin da na'ura ta kasa zaɓa tsakanin 0 da 1

An saba gaya mana cewa na'urar kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. A cikin wayar hannu da kwamfuta akwai miliyoyin 'yan ƙananan ma'ajiyai da ake kira filif-fulof, kowanne yana riƙe da lamba ɗaya tak. Akwai kuma agogon lantarki da ke bugawa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Duk lokacin da agogon ya buga, filif-fulof sai ya dubi abin da ke bakin ƙofarsa, ko 0 ko 1, ya ɗauka ya riƙe har zuwa bugu na gaba. Sharaɗin shi ne kada abin da ke bakin ƙofar ya motsa dab da bugun, kuma kada ya motsa jim kaɗan bayansa. Idan saƙon ya sauya a cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci, filif-fulof yana iya maƙalewa a tsakiya, shi ba 0 ba, shi ba 1 ba. Injiniyoyi suna kiran wannan hali metastabiliti.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ma'ajiyar. A zuciyarta akwai ƙofofin lantarki biyu da aka haɗa baki da wutsiya, kowacce tana juya abin da 'yar'uwarta ta ba ta. Idan ɗaya ta ce 1, ɗayar ta ce 0, sai su riƙe juna a haka daram. Sai dai akwai matsayi na uku, inda ƙarfin wutar da ke ɓangarorin biyu ya zo daidai da juna, wajen rabin abin da ake ba na'urar. Kamar kwabo ne da aka cilla sama ya sauko ya tsaya a kan gefensa. Faɗuwa dai sai ya faɗi, amma babu mai iya cewa yaushe, ko ta wace fuska. Ɗan bambancin da ya rage tsakanin ɓangarorin biyu shi ke girma, yana ninkuwa a kai a kai har ɓangare ɗaya ya rinjaya. Gwargwadon ƙanƙantar bambancin a farko, gwargwadon daɗewar da za a yi kafin a yanke hukunci.

A cikin na'urar da agogo ɗaya ke tafiyar da komai, wannan ba ya faruwa, domin mai zane ya riga ya lissafa cewa kowane saƙo zai iso ya natsu kafin bugu. Matsalar tana shigowa ne ta ƙofar waje. Ɗan yatsan da ya danna maɓalli bai san da wani agogo ba. Haka saƙon da ya taso daga wani ɓangaren na'urar mai nasa agogon daban. Irin waɗannan saƙonni suna zuwa lokacin da suka ga dama, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani zai faɗo daidai kan bugun.

An daɗe ana gardama a kan wannan batu, domin masu zane da yawa sun yi imanin cewa dabara za ta iya kawar da shi gaba ɗaya. A shekarar 1973, Thomas Chaney da Charles Molnar na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka wallafa wata gajeriyar maƙala ɗauke da hotunan da suka ɗauka daga allon na'urar auna wuta, inda ake ganin filif-fulof yana jinkiri a tsakiya kafin ya faɗa gefe guda. Abin da masana suka tsaya a kai daga baya shi ne, babu wata da'irar lantarki da za ta ba da tabbacin yanke irin wannan hukunci cikin ƙayyadadden lokaci. Abin da ya rage a hannun mai zane shi ne jira, da kuma lissafin yawan jiran da zai wadatar.

Maganin da aka fi amfani da shi ba shi da wani ado. Ana jera filif-fulof biyu a kan agogo ɗaya, ba tare da an sa komai a tsakaninsu ba. Na farko shi ke tarar saƙon waje, shi ne kuma wanda aka yarda ya maƙale. Na biyu ba zai dubi abin da na farko ya riƙe ba sai a bugu na gaba, ka ga an ba na farkon kusan tsawon bugu guda ya gama shawara. Wannan jeri shi ake kira sinkoronaiza. Ko 0 ya faɗa ko 1, babu damuwa: idan ya faɗa kan tsohuwar lamba, bugu na gaba zai ɗauki sabuwar. Abin tsoro kawai shi ne na biyu ya zo ya tarar da shi bai yanke ba tukuna. Matsakaicin lokacin da ake ɗauka tsakanin irin wannan gazawa da ta gaba shi ake rubutawa MTBF, ga kuma yadda ake ƙiyasta shi:

```
MTBF = e^(t_r / τ) / (T0 × f_clk × f_data)
```

Ƙasan lissafin yana gaya mana sau nawa ake shiga haɗari. T0 shi ne faɗin tagar haɗarin, f_clk yawan bugun agogo a daƙiƙa, f_data kuma yawan sauyawar saƙon waje a daƙiƙa. Saman lissafin yana gaya mana yadda jira ke ceto. t_r shi ne lokacin da aka bari don a gama shawara, τ kuma ma'auni ne na saurin da wannan filif-fulof ɗin ke fita daga tsakiya. Harafin e lamba ce da ta kusa 2.718. T0 da τ halayen guntun na'urar ne, daga gwaji ko daga kamfanin da ya ƙera shi ake samunsu.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. A ce agogo yana bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, wato nanosakan 10 tsakanin bugu da bugu. Saƙon waje yana sauyawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. T0 nanosakan 0.1 ne, τ kuma nanosakan 0.2. Idan aka ninka lambobi ukun da ke ƙasa, amsa 10,000 ce. Ma'ana, sau dubu goma a kowace daƙiƙa saƙo ke faɗawa cikin tagar haɗari. Wanda bai taɓa yin wannan lissafi ba yakan zaci abin na nadiri ne, alhali kuwa ruwan dare ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne maƙalewar da za ta daɗe.

Yanzu a ce mai zane ya yi ganganci, ya sa filif-fulof ɗaya kawai, ya tura abin da ya fito kai tsaye cikin sauran da'irori masu cin lokaci, har ya zama nanosakan 2 kaɗai suka rage na jira. An raba 2 da 0.2 an sami 10, kuma e^10 ya kusa 22,000. A raba wannan da 10,000, sai a ga na'urar tana tuntuɓe kusan duk bayan daƙiƙa biyu. Da zarar an sa filif-fulof na biyu, kusan dukkan nanosakan 10 ɗin sun zama na jira. A cire ɗaya don jinkirin waya da na ƙofofi, saura 9. Tara a raba da 0.2 ya ba da 45, kuma lissafin ya koma kimanin shekara miliyan 110. Ƙarin nanosakan bakwai ne ya kawo wannan tazara, domin duk lokacin da aka ƙara jiran da ya kai τ sau 2.3, MTBF yana ninkuwa sau goma.

Wannan ninkuwa kuwa kaifi biyu gare ta, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami. A ce bayan shekara biyu an ɗauki wannan zane da ya yi aiki lafiya, an ninka saurin agogonsa zuwa bugu miliyan 200. Tsakanin bugu ya koma nanosakan 5, jira ya koma 4, lambar sama ta sauko daga 45 zuwa 20. MTBF ya faɗo daga shekara miliyan 110 zuwa ƙasa da awa bakwai, ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Magani shi ne a ƙara filif-fulof na uku, jira ya koma kimanin nanosakan 8, MTBF ya haura shekara 370,000. Kuɗin da aka biya shi ne saƙo zai riƙa makara da bugu guda.

Shi ma τ ba a tsaye yake ba. Yana sauyawa da zafi da sanyi, yana kuma taɓarɓarewa sosai idan wutar da ake ba guntun ta ragu. A misalinmu na farko, idan τ ya tashi daga 0.2 zuwa 0.3, shekara miliyan 110 ta koma kimanin shekara 34. Shi ya sa mai hankali yake yin lissafi da mafi munin τ, ba da na ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya iska ba. Sannan lambar ta sinkoronaiza ɗaya ce. Kamfanin da ya sayar da na'ura miliyan ɗaya, kowacce da sinkoronaiza goma, dole ya raba da miliyan goma. Shekara miliyan 110 ta zama 11, wanda ana iya zama da shi. Shekara 34 kuwa ta zama ƙasa da minti biyu: ko da yaushe, a wani gari, na'urar wani tana daskarewa. A ganina, duk wanda ya nuna maka MTBF na shekara ɗari yana murna, bai gama lissafi ba.

Akwai kuma kuskuren da lissafin ba ya gani ko kaɗan. Sinkoronaiza na waya ɗaya ne. Idan aka ɗauki lamba mai wayoyi huɗu aka sa wa kowace waya nata, wata za ta tsallaka a wannan bugu, wata a na gaba. Lambar da ke tashi daga 0111 zuwa 1000, wato daga bakwai zuwa takwas, tana iya bayyana a ɗaya ɓangaren a matsayin 1111, goma sha biyar, lambar da babu wanda ya aiko. Don haka ake amfani da tsarin ƙirga na Frank Gray, inda waya ɗaya kaɗai ke sauyawa a kowane mataki, ko kuma a riƙe lambar cik a aika da alama ɗaya mai cewa ta shirya. Haka nan kada a kai saƙo ɗaya ga sinkoronaiza biyu dabam-dabam, domin suna iya saɓa wa juna.

Gane wannan cuta a na'urar da ta riga ta fita kasuwa yana da wuya, domin ba ta barin sawu. Gwajin da ake yi wa zane a kwamfuta galibi 0 da 1 kawai ya sani, ba zai nuna ta ba. Alamominta su ne gazawa jefi-jefi wadda kashewa da kunnawa ke warkarwa, wadda ke ƙaruwa idan an ƙara saurin agogo ko an rage wuta, ta kuma ɓace idan an sassauta agogon kaɗan. Masu auna τ wannan hali suke amfani da shi: su riƙa taƙaita lokacin jira da gangan har gazawar ta yawaita yadda za a iya ƙirga ta cikin mintuna, su auna yawanta a tsawon jira iri-iri, sannan daga yadda take raguwa su fitar da τ da T0 da za a sa a lissafin.