Manufar Darasi: Inda Shirin Koyarwa Ke Farawa

Abin da littattafan horar da malamai ke nanata wa ɗalibin NCE mai shirin shiga aji karon farko shi ne manufar darasi. Kada ya rubuta "yara su fahimci kasafi", domin fahimta ba a ganinta da ido. Gara ya rubuta: "A ƙarshen darasi, yara za su raba tsinke 12 gida uku daidai." Daga wannan jimlar kayan koyarwa suka bayyana, wato tsinkaye, matakan gabatarwa suka fito, tambayar auna fahimta ma ta samu. Idan an kaɗa ƙararrawa bai kai ga aunawa ba, manufar ta fi ƙarfin lokacin, sai ya rage ta.